Sharhi kan tocila mai cajar 4.2V da na saya a Gusau

Tocilan nan mai batirin litiyam samfurin 18650 a ciki wallahi haske ba magana, daga ƙofar gida har ƙarshen lungu kana ganin komai, kuma in ta cika tana kai ni dare biyu ko uku. Matsalarta ɗaya ce kuma babba ce, bakin cajarta siririn nan ne mai zagaye, irinsa sak da na kilifar aski da ke gidanmu.

Ƙanena ya ga baki ya shiga sai ya jona ta da cajar kilifa ya barta ta kwana, da safe jikinta zafi rau, daga ranar ko awa ɗaya ba ta yi sai haske ya dushe. Na kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe a gabana yace "Yallaɓai duba nan", wayoyi biyu ne kawai daga ramin caji zuwa batir, babu wani ɗan allo a tsakani da zai yanke wuta. Ashe duk dabarar a cikin cajarta take, an rubuta OUTPUT 4.2V 500mA a jikinta, shi ya sa ƴar fitilarta ke juyawa daga ja zuwa kore, wato batir ya kai 4.2V ta tsaya. Irin wannan batirin litiyam iyakarsa kenan. Ita kuwa ta kilifa 5V ce, to tura wuta kawai take yi ba mai ce mata ya isa, batir yayi ta zafi yana lalacewa, wani ma har kamawa da wuta yake yi, kuma abin da ya fi tayar min da hankali kenan don a ɗakin yara ta kwana. Ita kilifar lafiya lau take da 5V ɗinta saboda allon da ke yanke caji yana cikinta.

An canza batir ta dawo daidai. Wajen awa huɗu zuwa biyar take cika.

In za ka gwada wata caja, layin OUTPUT za ka duba, lambar da ke da V dole ta zama ɗaya da ta cajarta ta asali, sannan ɗan zanen + da - shi ma ya dace. Adaftar dikoda mai 12V kam kar ma ta kusance ta. Kyamara ma haka, batirin Canon LP-E6 7.2V ne, cajarsa 8.4V take bayarwa saboda ƙananan batir biyu ne haɗe a cikinsa, wuta mai 4.2V ba za ta taɓa cika shi ba.

Zan iya cewa a saye ta amma ga mai iya adana caja, don ban ji daɗin yadda masu ƙera ta suka ƙi rubuta 4.2V kusa da ramin cajin ba, ni da kaina na manna salatif na rubuta da maka.