Sharhi kan jerin waƙoƙin haɗin gwiwa na YouTube a hidimar biki

A bikin ƙanwata da aka yi a Mabera, an ɗora mini alhakin tattara waƙoƙin da za a sa a wurin kamu da dina, sai na yi amfani da tsarin YouTube da ke ba mutane da yawa damar zuba waƙoƙi a jeri ɗaya. Na zaɓe shi ne saboda yawancin waƙoƙin biki na Hausa suna can, kuma kusan kowa a danginmu yana da shi a wayarsa.

Haɗa jerin ba shi da wahala. Na buɗe sabon jeri, na sa shi a matsayin Unlisted domin kada ya fito ga masu bincike, tunda wanda aka bari a Private ba ya karɓar abokan aiki. Daga nan na shiga wurin gyara jerin, na kunna Collaborate, aka ba ni adireshin gayyata, na tura wa babbar ƙawar amarya da babban abokin ango da kuma 'yar gwaggonmu, wadda ta san abin da iyaye mata suke so a ji a wurin kamu.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, gayyatar ba ta ɗaure da sunan kowa. Duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai iya shiga. Ɗaya daga cikin mutanen nan, da kyakkyawar niyya, ya tura shi zauren WhatsApp na abokai, kafin wayewar gari jerin ya kumbura da waƙoƙin da ba za a iya sawa a gaban surukai ba. Na gane hakan ne da na ga sunayen da ban gayyata ba cikin masu zubawa. A matsayina na mai jerin na cire abin da bai dace ba, sannan na kashe Allow new collaborators, wanda ya rufe ƙofa ga sababbin shiga ba tare da ya hana na ciki ci gaba da aiki ba. Wannan maɓalli shi ne ya fi burge ni, kuma a ganina lokacin kashe shi shi ne da zarar waɗanda aka gayyata sun gama shiga.

Ana saura kwana biyu biki na kashe Collaborate gaba ɗaya, waƙoƙin suka tsaya yadda suke, na jera su bisa tsarin taro: masu taushi lokacin zaman baƙi, na shigowar amarya, sannan na rawa. Jeri biyu na yi, domin kunnen iyaye a kamu daban yake da na matasa a dina.

Jerin ya yi mini amfani wajen zaɓe da samun amincewar ɓangarorin biyu, amma ban dogara da shi a zauren taro ba. Na miƙa wa mai kayan sauti tun da wuri ya tanadi waƙoƙin a na'urarsa, saboda katsewar intanet ko talla a daidai shigowar amarya abin kunya ne ga masu biki.