Idan Mai Duba CV Ya Ce Fayil Bai Buɗe Ba: Wane Nau'i Za Ka Sake Turawa?

Mai duba takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV, ba ya yanke hukunci a kan abin da ka rubuta sai a kan abin da ya bayyana a allonsa. Idan ya ce "bai buɗe ba" ko "na ga shirme", kada ka sake tura fayil ɗin nan karo na biyu. Fara gano ciwon, domin kalmar "bai buɗe ba" tana ɗauke da matsaloli uku daban, kuma kowace da maganinta.

Ta farko ita ce nau'in fayil ɗin ne baƙo a na'urarsa. Fayil mai ƙarewa da .pages na manhajar Pages ta Apple ne, kuma Word na Windows ba ya buɗe shi. Sauya sunan daga cv.pages zuwa cv.pdf ba ya gyara komai, riga kawai aka canza, ciki yana nan yadda yake. Dole a koma cikin Pages a zaɓi Export To, sannan PDF ko Word. Ta biyu, an kulle ƙofa: ko dai PDF mai kalmar sirri, ko mahaɗin Google Drive da ke nuna wa mai dubawa Request access. Waɗannan biyun gyaran minti ɗaya ne.

Ta ukun ce ta fi wahalar ganewa, domin fayil ɗin yana buɗewa lafiya lau a wayarka. An buga takardar a kafe, an ɗauke ta hoto da manhajar sikanin, aka adana a PDF. Ido yana ganin rubutu, amma a wurin kwamfuta hoto ne zalla, babu harafi ko ɗaya a ciki. Mai dubawa ba zai iya kwafo jimla ya gyara maka ba, manhajojin tantance masu neman aiki da dama kuma za su bar guraben suna, makaranta da ƙwarewa babu komai. Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe PDF ɗin a kwamfuta, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. Idan babu abin da ya fito, hoto ka tura. Nauyin fayil ma yana tona asiri: shafi biyu na rubutu ba kasafai suke wuce 200 KB ba, na sikanin kuwa cikin sauƙi yake haura 1 MB.

To wane za a zaɓa?

PDF da aka fitar kai tsaye daga Word ko Google Docs shi ne na turawa ga mutumin da zai karanta kawai, domin tsarin shafi ba ya motsi ko a waya ko a kwamfuta. Rauninsa shi ne wuyar gyara. Idan bita ake so, wato a ja layi a ƙarƙashin kuskure a sa sharhi a gefe, .docx ya fi, saboda Track Changes da Comments. Word ya koma wannan nau'in tun Office 2007, kuma Google Docs da LibreOffice da WPS Office duk suna buɗe shi. Sai dai kuma, idan na'urar mai dubawa ba ta da salon harafin da ka yi amfani da shi, za ta maye gurbinsa da wani, shafi biyu ya zama uku, kanun wani sashe ya maƙale shi kaɗai a ƙasan shafi.

Zallar rubutu, wato .txt, ba shi da ado ko kaɗan: babu kauri, babu launi, babu jadawali, babu hoto. Abin da aka saya da wannan asarar shi ne tabbacin cewa babu na'urar da za ta kasa buɗe shi, kuma shafi biyu ba za su wuce 'yan KB ba, ko data ta kusa ƙarewa zai tafi. A ganinmu, idan an riga an yi faɗuwa sau ɗaya, wannan ne ya kamata ya raka PDF ɗin a aike na biyu. Wanda ya fi shi sauƙi ma shi ne a liƙa rubutun a cikin jikin imel ɗin, musamman ga wanda dokar ofishinsu ta hana shi buɗe abin da aka maƙalo daga baƙo. Iyakarsa a bayyane take: mai dubawa zai iya gyara kalmomi da jerin bayanai, amma ba zai ce komai a kan kyan shafi ba.

Ga misali. A ce takarda ce mai shafi biyu, an raba shafin gida biyu: hagu ƙwarewa da harsuna, dama tarihin aiki, suna da lambar waya kuma an saka su a Header, wato gurbin can saman shafi. A Word za a bi File, Save As, a zaɓi Plain Text. Akwatin File Conversion zai fito, a nan a danna Other encoding a zaɓi Unicode (UTF-8). Mai aiki da layin umarni yana da waɗannan:

```
pandoc cv.docx -t plain -o cv.txt
pdftotext cv.pdf cv.txt
```

Yanzu buɗe cv.txt ka karanta daga sama har ƙasa, kada ka yarda da shi a makance. Abu na farko da za a nema shi ne suna da lambar waya, domin pandoc ba ya ɗauko abin da ke Header, sai takarda ta tafi ba mai ita. Na biyu, gidajen nan biyu: idan daga PDF aka ciro, layin hagu yakan shiga cikin na dama, sai ka ga "Hausa, Turanci, Larabci" a tsakiyar bayanin aikin da aka yi a 2021. Gyaran da hannu ake yi. A jera komai a gida ɗaya, kanun sashe da manyan haruffa, layi ɗaya babu komai tsakanin sassa, alamar - a madadin ɗigon ado, kuma kada a daidaita kwanan wata da Tab ko tarin sarari, don a waya za su warwatse.

Zaɓin UTF-8 ɗin nan ba ƙawa ba ne ga mai suna ko adireshi na Hausa. Tsohon tsarin ANSI na Windows ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, saboda haka idan aka adana da shi Ƙanƙara takan koma ?an?ara, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an sake bugawa. Akasin haka kuma, idan ka ga ƙ ta zama Æ™ ko ɗ ta zama É—, fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta da tsarin da ba nasa ba, sai a sake buɗewa a zaɓi UTF-8. Notepad na Windows 10 ya koma adanawa da UTF-8 tun 2019, amma tsofaffin kwamfutocin kafe suna nan a kan ANSI, don haka a duba akwatin Encoding kafin a danna Save. Sunan mutum kuwa a rubuta shi daidai yadda yake a takardun shaidarsa, ko da babu lanƙwasa, shi ma sunan fayil ya tsaya a haruffa marasa lanƙwasa.

Wanda fayil na asali ya ɓace masa, sai na sikanin kaɗai, yana iya ɗora shi a Google Drive ya zaɓi Open with, sannan Google Docs, wanda zai yi ƙoƙarin ciro haruffan daga hoton. Fayil ɗin kada ya wuce 2 MB. Abin da zai fito ɗanye ne: 0 takan rikiɗe O, 1 ta koma l, lanƙwasar ɗ da ƙ kuma takan faɗi. Lambar waya, adireshin imel da shekarun karatu sai an bi su harafi bayan harafi da takardar asali a hannu.