Sharhi Kan Ɗinkin Wani Tela a Garinmu: Kaftanin Intabiyun Ƙanena

Telan da zan yi magana a kansa ya iya keke, wannan ba mai musa shi. Ɗinkinsa yana tafiya a miƙe, bakin aljihunsa ba ya tattarewa, kuma kuɗin da yake karɓa bai kai na telolin birni ba. Shagonsa na cikin ƙauyenmu, nan kusa da Gujungu a ƙaramar hukumar Taura, kuma shi ke yi wa yaran gidanmu kayan Sallah. Matsalarsa guda ce, ba ya son ɗaukar awo. In ka kai masa yadi sai ya ce ka kawo tsohuwar rigarka ya yanka a kanta. Wannan ɗabi'ar ce ta jawo wa ƙanena abin da zan ba da labari.

Autan gidanmu ya gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gumel, fannin lissafi. Wata makaranta mai zaman kanta a Dutse ta kira shi intabiyu, ni kuma na ga ya dace ya shiga da sabon kaya. Na sayo masa yadi huɗu da rabi a Kantin Kwari, ruwan toka mara ƙyalli, wanda ya ishi mutum irinsa kaftani da wando har a sami ɗan saura. Ya kai wa telan, telan ya ce ya kawo rigar da yake jin daɗinta. Auta ya ɗauki kaftanin da aka ɗinka masa kafin ya shiga kwaleji ya kai. Tef na rataye a wuyan telan, amma bai ɗora shi a jikin yaron ba.

Tsohuwar riga ba ta zama awo, kuma dalilin a fili yake. Yadin auduga yana shiga bayan wanki, don haka rigar da ta sha ruwa da guga ta riga ta ragu daga yadda aka yanka ta. Shi kuma saurayi jikinsa bai tsaya ba. Auta ya yi noman damina da na rani a tsakanin nan, kafaɗarsa ta buɗe, wuyansa ya yi kauri. Yana iya sa tsohuwar ne saboda ta yi laushi, kuma ba ya ɓalla maɓallin wuyanta. Sabon yadi mai sitati ba ya yi wa jiki wannan sassaucin.

An yi alkawarin kayan ranar Alhamis, ba su fito ba sai daren Lahadi, bayan an tashi daga kasuwar Gujungu. Intabiyun kuwa Litinin ne da safe. An miƙo masa su a goge, a ninke cikin leda, ya kawo gida ya gwada bayan isha'i. Maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa. Hannun rigar ya tsaya a saman idon hannu, agogonsa duk a waje. Ya ce da ni, "Yaya, kamar ta ɗan kama ni a hammata." A wannan lokacin telan ya rufe shago, motar farko kuma da asuba take tashi.

Daga baya, da muka kai rigar wurin wani dattijon tela a Ringim, ya auna yaron ya auna rigar a gabana, sai na ga inda abin ya lalace. Kafaɗar Auta, daga ƙashin wannan gefe zuwa na wancan ta baya, inci 18 ce. Ta rigar inci 16 da rabi. Dattijon ya ce duk sauran aibin daga nan ya taso. In kafaɗa ta gaza, ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki sai ya hau sama ya zauna kusa da wuya, ya ja hannun rigar tare da shi. Shi ya sa hannu yake zama gajere ko da an yanka shi daidai. Ramin hammata ma sai ya matso ya cije, bayan rigar ya ɗame tsakanin allunan kafaɗa. Mutum yana tsaye hannunsa a sake ba zai gane sosai ba. Sai ya miƙa hannu gaba ko sama sannan yadin zai riƙe shi.

Ƙirjin Auta inci 38 ne. Dattijon ya ce kaftani yana son a ƙara masa kamar inci 5 ko 6 a kan awon jiki, don a iya zama, a yi ruku'u, a sa singileti a ciki. Rigar da aka ɗinka inci 40 ce, shi ya sa gaban yake buɗewa tsakanin maɓallai. Wuya kuma ana auna shi ne da yatsa biyu a cikin tef. Na Auta ya kamata ya zama inci 15 da rabi, aka yi masa 14 da rabi.

Ga abin da ya faru a Dutse, kamar yadda ya ba ni. Ya bi ta Jahun da Kiyawa a matse cikin mota, kafin ya sauka rigar ta yamutse a hammata da ciki, domin matsattsen kaya ya fi saurin yamutsewa. Da aka kira shi, mutum uku ne a zaune. Ya yi sallama da wuyan riga a buɗe, hannunsa ɗaya yana jan bakin hannun ɗayan don ya sauko. Da zai miƙa takardunsa sai ya ɗan durƙusa ya tura su, saboda miƙa hannu sosai yana jan bayan rigar. Da ya zauna, hantsar wandon ta kama shi, ƙafar wandon ta haye sama, ya zauna a bakin kujera bai jingina ba. Duk wannan kafin a yi masa tambaya ko ɗaya.

Tambayoyin bai sha wuya da su ba. Sai aka ba shi alli aka ce ya koyar da su kamar ɗaliban aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ya nuna yadda ake tara rabi da sulusi. Malami yana fara rubutu ne daga saman allo. Ya ɗaga hannu, rigar ta riƙe shi, ya ƙara ƙarfi, sai ɗinkin hammatar dama ya saki. Ya ce ƙarar ba ta da yawa, amma ɗakin shiru yake, kowa ya ji. Daga nan ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya koma rubutu a ƙasan allo da ƙananan baƙaƙe, ya ƙi juyowa sosai ya fuskanci mutanen. Amsar ta fito daidai, biyar bisa shida, amma ya yi darasin ne yana kallon allo.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar dattijuwar da ke cikinsu. Da zai fita ta ce masa, "Malam, lissafinka ba shi da matsala. Amma tun da ka shigo hankalinka yana kan rigarka, namu ma sai ya koma can. Yara sun fi mu lura da irin wannan." Ba su kira shi ba. Ba zan ce rigar kaɗai ce ta hana shi aikin ba, masu nema suna da yawa. Amma shi da kansa ya ce min, "Yaya, na ɗauka sai na buɗe baki za a fara auna ni. Ashe daga bakin ƙofa zuwa kujera an riga an ga mutum mai ɗari-ɗari, ni kuma na ƙarasa sauran lokacin ina ƙoƙarin goge wannan." Ya ce wanda ya shiga kafin shi tsohuwar 'yar shara ce a jikinsa, wankakkiya, gogaggiya, daidai jikinsa, kuma ya fito yana murmushi suna ta hira da masu intabiyun.

Wannan ne ya sa raina ya ɓaci da telan. Yaron ya kwana yana bitar darasi, kuɗin mota ma sai da aka haɗa masa, sai aikin da bai fi minti biyar ba da tef ya tsaya masa a gaba.

Na so a gyara rigar, sai na tarar da aibi na biyu. Tela mai lura yana barin rarar yadi a cikin ɗinkin gefe, kamar inci ɗaya, don in ta kama a saki. Wannan ya bar abin da bai kai rabin inci ba, ya datse sauran. Kalmasar bakin hannu ma siririya ce, ba abin da za a sauke. Dattijon na Ringim ya ce rigar da ta yi yawa ana rage ta cikin sauƙi, gefe ma ana saki in an bar rara, amma kafaɗar da aka yanka a gaje ba ta da magani, sai dai a sake yanka gaba da baya. Wandon dai ya samu gyara. An farke hantsar aka saka mata ƙyalle daga ragowar yadin, aka sauke kalmasar ƙafa, yanzu yana sawa.

Dattijon ya nuna wa Auta yadda ake gwada kaya tun a shago, kuma ina ganin duk mai shirin intabiyu ya kamata ya yi haka. Ka ɓalla maɓallin wuya ka ga ko yatsa biyu za su shiga. Ka ɗaga hannuwa sama kamar mai rubutu a allo, sannan ka rungume su a ƙirji ka ji ko baya zai ɗame. Ka duba ɗinkin kafaɗa, ya zauna a kan ƙashin, kada ya hau wajen wuya ko ya zubo kan damtse. Ka zauna a kujera da wandon, ka tsuguna. In akwai abin da ya riƙe ka a shago, zai fi riƙe ka a gaban mutane. Kuma a karɓi kaya da sauran kwanaki a gaba, ba a daren tafiya ba, domin gwajin da ba a bar masa lokacin gyara ba bai da amfani.

Na koma wurin telanmu da rigar, na shimfiɗa ta a teburinsa na nuna masa hammatar. Da farko ya ce ai a kan rigar da aka kawo ya yanka. Na ce haka ne, amma yaron yana tsaye a gabanka, tef kuma yana wuyanka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, a yi haƙuri." Bai mayar da kuɗin ɗinki ba, amma ya ce in an kawo wani yadin zai ɗinka kyauta, kuma na yaba masa da wannan. Kayan yara da 'yar sharar zaman gida zan ci gaba da kai masa, domin ɗinkinsa yana da ƙarko. Kayan da za a shiga gaban mutane da su kuwa, sai ya yarda da awo a jiki, ya rubuta a littafi, ya bar rara a gefe, kuma a gwada kafin a yi guga. Ya amince. Kaftanin mai ruwan toka an ɗinke hammatarsa an ba ɗan yayarmu da ke aji biyar na sakandare, wanda kafaɗarsa ta yi daidai da shi.