Buhun da za ka saya idan kana so gyaɗarka da masararka su ci gwajin afalatoksin

Duk wanda yake sayen gyaɗa a kasuwannin Matamai, Kance ko Magarya da kaka, ya jibge a mangaza yana jiran farashin bazara, ko yake sauke masarar Najeriya a Damagaram, wata rana mai saye zai ce masa sai an kai samfur labo. Masu yi wa yara garin kunu mai gina jiki da masu fitar da kaya waje ba sa karɓa sai da takardar gwaji, abin da suka fi nema a cikinta kuwa shi ne afalatoksin. Guba ce da wata fumfuna take fitarwa, wadda a takardar labo za ka ga an rubuta sunanta Aspergillus flavus. Ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma suya da dafuwa ba sa kashe ta. Hanta take ci a hankali, ta fi yi wa mai ciwon hanta nau'in B illa, idan kuma ta yi yawa tana kisa cikin kwanaki. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda masarar da suka adana a gidajensu.

Ana auna gubar da ppb, wato mikirogiram ɗaya a cikin kilo ɗaya. Hukumar Kodes mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa, ta sa iyakar 15 ga gyaɗar da za a ƙara sarrafawa. Amurka tana karɓa har 20. Tarayyar Turai ta fi kowa tsanani: gyaɗar da za a ci kai tsaye kada ta wuce 4 jimilla, wato idan aka haɗa duk nau'o'in gubar, nau'in B1 shi kaɗai kuma kada ya wuce 2, masarar da za a tsince kafin a ci kada ta wuce 10. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar ingancin abinci su riƙe bambancin nan na jimilla da B1, nan ne ake yawan rikicewa. Kai ɗan kasuwa, tambayi mai sayenka wace iyaka yake aiki da ita tun kafin ka zuba kuɗinka.

Lambobin ƙanana ne ƙwarai, sai an buga lissafi mutum yake yarda. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100, tiya 40 ke nan, yana da ƙwaya wajen 200,000 idan kowace ta kai rabin giram. A ce ƙwaya ɗaya da fumfuna ta ci sosai tana ɗauke da mikirogiram 50. Iyakar 15 a buhun nan mikirogiram 1,500 ce, wato irin waɗannan ƙwayoyi 30 sun isa su kai buhun gaba ɗaya bakin iyaka. A ma'aunin Turai, 8 kawai. Shi ya sa cusa hannu a bakin buhu ka damƙo ka duba ba ya gaya maka komai.

To, me za a saya a zuba kayan?

Buhun leda saƙaƙƙe da kowa ya sani yana da araha, iyakar alherinsa ke nan. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar Damagaram a bushe take, ba za ka ga aibinsa ba, amma da zarar damina ta kankama a Yuli da Agusta kayan suna shan danshin iska ta ramukan saƙar, ƙwari kuma suna shiga yadda suka ga dama. Rumbu na gero ne da dawa a zangarniyarsu. Gangar ƙarfe mai murfi tana da kyau idan ka cika ta fal ka ajiye a inuwa, sai dai tsada da wuyar ɗauka, ga kuma fargabar abin da aka taɓa zubawa a cikinta. Ƙwayar hayaƙin nan da ake jefa wa wake, ƙwari take kashewa, fumfuna ba ruwanta da ita, kuma tana iya kashe mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya da buhun.

Nawa zaɓin shi ne buhun PICS, mai riɓi uku, kuma ba na ɓoye son da nake masa. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Maraɗi suka yi aiki a kansa sosai, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007 saboda wake, daga baya aka ga yana yi wa masara da gyaɗa. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, kowace mikiron 80, sai saƙaƙƙen buhu a waje da ke kare su. Idan aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki da hatsin kansa suna shanye iskar da ta rage, ƙwarin su mutu ko su daina hayayyafa. Wannan yana da muhimmanci ga maganarmu, don ƙwari ne ke huda ƙwaya su buɗe wa fumfuna ƙofa, numfashinsu kuma yana ƙara wa buhu zafi da danshi. Ita ma fumfunar iska take buƙata. Na biyu, ledar tana tare danshin waje. Masarar da ka rufe a bushe a Disamba, a bushe za ka same ta a Agusta ko da bangon mangaza yana tsattsafo.

Amma buhun yana riƙe abin da ka ba shi ne kawai. Ba ya busar da kaya, ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Masara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa zuwa kashi 7, kafin a rufe. Idan ka rufe ɗanyen kaya, za ka ga gumi ya taru a cikin ledar daga sama, ka buɗe ka ji tsami. Masarar da ake girbewa a kudu cikin Satumba, ana ruwa ana lodi, ita ce ta fi zuwa mana da wannan matsala, sai an sake shanya ta a kan tamfol, ba a ƙasa ba. Don haka ni a wurina na'urar auna danshi da buhun tare ake sayensu. Idan kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ƙungiya ta haɗa ta sayi guda, a tabbata tana da ma'aunin masara da na gyaɗa daban-daban. Dabarar gishiri a kwalba, inda ake girgiza hatsi da busasshen gishiri a ga ko zai manne a jikin kwalbar, tana kama danshin da ya haura wajen kashi 15 ne, ba za ta raba maka 13 da 14 ba. Cizo da haƙori kuwa, gwanin ma yana kuskure.

Gyaɗa ta fi zama lafiya a cikin ɓawonta, sai lokacin sayarwa a ɓare. A sheƙe ta, a fitar da tsinke da tsakuwa don kada su huda leda. Kafin ka zuba, kaɗa kowace leda ta ɗibi iska, ka riƙe bakinta ka danna, idan ta sace to akwai huda. Bayan zubawa ka bar wajen taƙi ɗaya a sama, ka matse iska, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ta biyu ma haka, ita kaɗai, sannan na waje. Kada a haɗa ukun a ɗauri ɗaya. A jera a kan katako, nesa da bango, a kuma yi maganin ɓera, don haƙorinsa ɗaya ya gama da buhun.

Sai maganar jabu, wadda ita ta fi ƙona min rai. An taɓa sayar wa ƙungiyarmu buhunan da aka ce PICS ne, da tambari a waje, ashe ledar ciki siririya ce irin ta ƙulla kaya. Da muka buɗe a tsakiyar damina, ƙasan ledar ya tsage a wurin liƙi, masarar ta yi gari, ƙwayoyin da ke kusa da tsagar sun yi kore-kore mai ruwan ɗorawa. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na zaro ledojin na gani da idona. Su zama biyu. Ka ja da yatsu, ta gaske tana da tauri, ba ta miƙewa da sauƙi. Ka ɗaga ta sama ka bi layin liƙin ƙasa daga gefe zuwa gefe. Akwai masu sa leda ɗaya mai kyau ɗaya maras kyau, akwai masu wanke tsoho su sayar a matsayin sabo, za ka ga ƙananan huji idan haske ya bi ta ciki. Wanda ya hana ka buɗewa, bar masa kayansa. Araha da ta yi yawa ma alama ce.

Ha'incin bai tsaya a buhu ba. Wasu suna yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin ɓara don kada ta farfashe, ta kuma yi nauyi, sai su ɗura ta buhu da laimarta. Wasu suna sa sabuwa a sama, ta bara a ƙasa. Shi ya sa ake soka buhu sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna masu yawa, a haɗa. Tsarin Kodes na gyaɗa samfurin kilo 20 yake nema, a niƙa shi duka a gauraya kafin a ɗebi kaɗan a gwada. Wanda ya kai labo cikin tafin hannu ya dawo da takarda mai kyau, takardar tana magana ne a kan tafin hannun. In an nuna maka takardar gwaji, duba kwanan wata da lambar kayan, don takarda ɗaya tana iya yawo a kan lodi biyar. Mai tocilan mai shuɗin haske da yake cewa zai gano maka guba da ido, abin da ke ƙyalli a masara wani sinadari ne dabam da fumfunar ke fitarwa, alama ce kawai, ba ta ba da lamba. Tsinken gwaji na gaggawa yana aiki, amma yana da ranar lalacewa, zafinmu kuma yana ɓata shi idan an bar shi a shago ba sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda gyaɗar da aka tsince take zuwa. Tsinta da hannu, a fitar da motsattsa da fasasshiya da mai baƙi, tana rage gubar sosai, ita ce hanya mafi araha da muke da ita. Sai dai wannan tsintaccen ne ake sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da rahusa. Hajiya, ki duba lissafin nan ko da gyaɗar mai kyau ce. Gyaɗa kilo 100 mai ppb 12 ta ci gwajin 15. Kin matse man gyaɗa kilo 35, saura tunkuza kilo 65, gubar kuma mafi yawanta a tunkuza take zama, sai ta koma wajen 18. Ƙulin ya faɗi ke nan, alhali gyaɗar ta wuce. Mai yin ƙuli ko garin yara ta nemi gyaɗar da ta yi ƙasa da iyaka sosai, ta kuma ƙi rahusar tsintacce komai daɗinta. Ba a kuma zuba wa akuya ko saniyar tatsa, don gubar tana fitowa a madara a matsayin wani nau'inta da ake kira M1. A tona rami a binne shi.