Waken oganik ko waken kasuwa: me ƙarin kuɗin yake saya maka?

Wata ranar Asabar na tsaya gaban kanta a wani babban shago a Abuja da ƙullin wake biyu a hannu. Ɗaya na waje ne, da ɗan koren tambari mai siffar ganye da aka zana da taurari. Ɗayan na gida ne cikin leda mai sheƙi, an rubuta oganik da manyan baƙaƙe har da hoton manomi yana dariya. Dukansu sun fi na kasuwa tsada nesa ba kusa ba. Yarinyar shagon ta ce, "Baba, ai wannan babu kemikal ko ɗaya." Na san ba da nufin ƙarya ta faɗa ba, abin da aka gaya mata ke nan.

Tambarin oganik shaida ce a kan yadda aka noma abu da yadda aka sarrafa shi. Bai ce an gwada abincin da ke hannunka an same shi tas ba. A Amurka dokar ta fito a 1990, aka fara aiki da ƙa'idojinta a 2002. Kafin a manna tambarin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka, sai gonar ta yi shekara 3 ba a zuba mata takin zamani ko maganin feshin da aka haramta ba, kuma ba a yarda da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba. Mai bincike yana zuwa duk shekara ya duba gona, rumbu da takardu. Koren ganyen nan na Tarayyar Turai ne, an wajabta shi tun 2010, kuma can shekara 2 ake jira ga amfanin da ake shukawa duk damina, shekara 3 ga itatuwa.

To amma batun babu feshi, wannan ba ya cikin alkawarin. Manomin oganik yana fesa magani, sai dai daga jerin da aka yarda masa: wanda aka tatso daga darbejiya, farar wuta, sinadarin jan ƙarfe da ake kashe cutar ganye da shi. Jan ƙarfen nan taruwa yake yi a ƙasa, shi ya sa Turai ta ƙayyade shi, kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7. Kuma idan iska ta kwaso feshin maƙwabci, dokar Amurka ta bari a sayar da kayan a matsayin oganik muddin ragowar maganin bai wuce kashi 5 cikin 100 na iyakar da aka sa wa abinci na gama-gari ba. Duk da haka ina ba tambarin haƙƙinsa. Nazarin da masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2012 ya nuna ba a cika samun ragowar maganin ƙwari a kayan oganik kamar a sauran ba. Nazarin dai bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa sun fi gina jiki ba. Biskit ɗin oganik kuwa, sukarinsa sukari ne, mai ciwon suga ya kiyaye.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne ƙwayoyin cuta. A 2011 cutar gudawa mai jini ta ɓarke a Jamus, mutum wajen 50 suka mutu, dubbai suka kwanta. Da aka bi sawu sai aka isa wata gonar oganik a arewacin ƙasar mai tsirar da iri don a ci ɗanye, kuma zargin ya faɗa kan irin hulba da aka shigo da shi daga Masar. Hulbar nan dai da muka sani. Gonar tana da takardarta, takardar ba ta hana komai ba, don ba aikinta ba ne. Haka gubar da fumfuna ke bari a gyada da masara idan ba su bushe sosai ba: ruwanta da danshi, babu ruwanta da irin takin da aka sa. Latas ko tumatir, ko da tambari goma ne a jikinsa, sai an wanke.

Mu koma kan waken. Na juya ƙullin na waje, kusa da koren ganyen akwai lambar hukumar da ta yi binciken, irin wannan tsarin: FR-BIO-01 ko DE-ÖKO-001, sannan a ƙasa an faɗi inda aka noma kayan, cikin Turai ko wajenta. Wannan lamba ita ce abin dubawa. A kayan Amurka za ka ga sunan mai ba da shaidar a ƙarƙashin sunan kamfani, kuma kana iya neman kamfanin a shafin Organic Integrity Database ka ga ko takardarsa na nan da rai. Akwai kuma matakai: abin da kayan oganik a cikinsa suka kai kashi 95 cikin 100 ne ke ɗaukar tambarin, wanda ya tsaya tsakanin 70 da 95 sai dai ya ce an haɗa shi da kayan oganik, ba shi da izinin manna tambari.

Na juya na gida. Lambar NAFDAC na nan, adireshi na nan, sunan wanda ya duba gonar babu. Lambar NAFDAC rajistar kayan ce, ba ta ba da labarin yadda aka yi noma. Wataƙila waken mai kyau ne, wataƙila daga buhun kasuwa aka ɗebo aka sake masa riga. A wurina wannan ne zaɓi mafi rauni, don ka biya kuɗin shaida ba ka ga mai shaida ba.

Ga waken namu kuma, babban haɗarin ba a gona yake ba, a ajiya yake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin nan na cikin fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafa wa wake don kada ƙwaro ya huda shi. Manomi a ƙauye yana iya nome gonarsa da takin gargajiya kaɗai, ɗan kasuwa ya saya ya zuba magani a sito. Saboda haka tambayar da ta fi amfani a Dawanau ko a kasuwar ƙauye ita ce, "Alhaji, a me aka ajiye shi?" Amsar da nake so in ji ita ce buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro. Ana ɗaure kowane hawa daban, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Jarka ko duro mai murfi da aka cika fal aka toshe shi ma haka yake aiki.

Baki dai yana iya faɗin komai, don haka ka sa hannu har tsakiyar buhun, ka ɗebo ka sunsuna. Wari mai kama da na maganin sauro, ko farin gari a tafin hannu, ka bar shi. Sai dai rashin wari bai wanke shi ba. Wake a buɗe cikin faranti, wata shida bayan kaka, babu huda ko ɗaya kuma ƙwaro ba ya kusantarsa, wannan yakan sa ni tambaya sau biyu. 'Yar huda nan da can ba ta tayar mini da hankali.

Ranar nan na mayar da ƙullin biyu kan kanta. Da kaka ta zo na aika ƙauye aka auno mini buhu guda daga wurin wanda na san gonarsa, aka shanya shi ya bushe ƙayau, muka ɗaure a buhu mai hawa uku. Na wajen na bar wa wanda ba shi da kowa a ƙauye kuma aljihunsa zai ɗauka, shi ma ya juya bayan leda ya nemo lambar kafin ya miƙa kuɗi.