Sharhi kan Godot 4: rubuta motsin mutumin wasa cikin natsuwa

Godot injin haɗa wasannin kwamfuta ne na kyauta, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur na ƙasar Ajantina suka assasa, aka buɗe shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, kuma zubinsa na 4.0 ya fito a watan Maris na 2023. Wannan sharhi ya taƙaita ne ga fuska guda ta injin, wato yadda yake taimaka wa mai rubuta umarni ya sa mutumin da ke cikin wasa ya motsa a hankali kamar mai rai, ba tare da fizga ko karkarwa ba. Na gwada shi a kan wata fitowa mai sauƙi ta wasa mai shimfiɗaɗɗen zane, wato 2D: dattijo ya taka zuwa teburi, ya tsaya, ya dubi kofi, sannan ya miƙa hannu. Irin wannan fitowa ta fi gudu da tsalle tona asirin aiki, domin idon mai kallo yana da isasshen lokacin da zai bi kowace gaɓa. Hukuncina shi ne kayan aikin sun wadatar kuma suna da sauƙin riƙewa, amma saitin da suke zuwa da shi motsin inji yake bayarwa, don haka natsuwar sai an rubuta ta da gangan.

Abin da na fi amfana da shi shi ne `Tween`, wanda aikinsa ɗaukar wata sifa, kamar matsayi ko juyawar gaɓa, ya kai ta daga ƙimar da take a yanzu zuwa wata a cikin lokacin da aka ƙayyade. Idan ba a faɗa masa komai ba, `TRANS_LINEAR` yake bi, ma'ana saurin ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Hannun dattijon yana tashi da cikakken saurinsa nan take, ya kuma tsaya cak kamar ya bugi bango. Mutum yakan ɗauka cewa maganin wannan shi ne tsawaita lokacin, amma idan aka mayar da rabin daƙiƙa ta zama daƙiƙa biyu, abin da ake samu hannu ne mai jan jiki da har yanzu yake tashi farat ɗaya kuma yake tsayawa farat ɗaya. Matsalar tana cikin yadda aka raba tafiyar a kan lokacin, kuma a nan ne `TRANS_SINE` tare da `EASE_IN_OUT` suke shigowa. Da su, a kashi ɗaya cikin goma na farkon lokacin hannun ba ya cin fiye da kashi biyu da rabi cikin ɗari na tafiyarsa, a rubu'in farko yana cin kusan kashi 15, sannan rabin lokacin da ke tsakiya ya kwashe kusan kashi 70, kafin ya sassauta a ƙarshe kamar yadda ya fara. Haka gaɓa mai nauyi take yi, domin tsoka tana bukatar lokaci kafin ta tayar da ita, tana kuma bukatar lokaci kafin ta tsayar da ita.

Sai dai wannan kaɗai bai sa dattijon ya zama mutum ba. Idan kai da kafaɗa da gwiwar hannu suka fara tare suka gama tare, jikin ya koma abu guda da ake murɗawa, idan kuma kowanne ya jira ɗan'uwansa ya gama sarai kafin ya fara, motsin ya zama gunduwa-gunduwa. Ga yadda na rubuta miƙa hannun a ƙarshe:

```gdscript
var t := create_tween()
t.set_trans(Tween.TRANS_SINE).set_ease(Tween.EASE_IN_OUT)
t.tween_interval(0.4)
t.tween_property(kai, "rotation_degrees", 15.0, 0.7)
t.parallel().tween_property(kafada, "rotation_degrees", -40.0, 1.2).set_delay(0.5)
t.parallel().tween_property(gwiwa, "rotation_degrees", -25.0, 1.2).set_delay(0.7)
```

Layi na uku ba ya motsa komai, jira ne kawai na daƙiƙa 0.4 bayan tsayuwa, kuma a ganina shi ne layin da ya fi kowanne tasiri, domin a cikinsa mai kallo yake karanta cewa dattijon ya yi niyya kafin ya aikata. Daga nan kai ya juya digiri 15, saboda mutum yakan dubi abu kafin ya taɓa shi. Kafaɗa tana tashi lokacin da ya rage wa kai daƙiƙa 0.2 ya gama juyawa, gwiwar hannu kuma tana bin kafaɗa da jinkirin wata 0.2, ta yadda motsin yake gangarowa daga jiki zuwa yatsu kuma babu lokacin da komai ya tsaya gaba ɗaya a tsakiyar aikin. Dukkan abin yana ɗaukar daƙiƙa 2.3. Abin da na yaba a nan shi ne umarnin yana karantuwa daga sama zuwa ƙasa bisa jerin faruwar abubuwa, kuma idan na ga dattijon ya yi garaje, lamba ɗaya nake sauyawa in sake kallo. Na lura cewa ƙara jiran farko da daƙiƙa 0.2 ya fi ƙara wa hannun rabin daƙiƙa sanya fitowar ta natsu.

Takawa zuwa teburin ba aikin `Tween` ba ne idan ɗan wasa ne yake sarrafa ta, domin ba a san lokacin da zai saki maɓalli ba. A nan `move_toward` ya fi dacewa, a cikin `_physics_process`, inda injin yake lissafa motsin jiki:

```gdscript
velocity.x = move_toward(velocity.x, alkibla * 60.0, 120.0 * delta)
move_and_slide()
```

Saurin tafiya fiksel 60 ne a daƙiƙa, kuma ana ƙara shi ko rage shi da 120 a kowace daƙiƙa, saboda haka dattijon yana ɗaukar rabin daƙiƙa kafin ya kai cikakken saurinsa, rabin daƙiƙa kuma kafin ya tsaya. Wannan yana da sakamakon da ya kamata a lissafa tun da wuri: a cikin rabin daƙiƙar tsayawa zai ƙara cin fiksel 15, don haka idan wasan ne yake kai shi teburin da kansa, dole a janye umarnin tafiya fiksel 15 kafin wurin, in ba haka ba ya wuce, a dawo da shi, ya sake wucewa, wanda shi ma wani nau'in karkarwa ne. Haka kuma zanen ƙafafu dole ya bi saurin jikin. Idan `AnimationPlayer` yana kunna takun da sauri ɗaya alhali jikin yana sassautawa, tafin ƙafa zai riƙa zamewa a ƙasa, kuma gyaran shi ne a ɗaure `speed_scale` da rabon saurin yanzu a kan 60.

Karkarwar da ta fi rikita mutane ba ta da alaƙa da lambobin da ke sama. Godot yana lissafa motsin jiki sau 60 a daƙiƙa idan ba a sauya saitin ba, amma allo yana zana hoto da nasa saurin. A allon da ke zana hoto 144 a daƙiƙa, kowane lissafi ɗaya yana faɗawa kan hoto 2.4, wato wani matsayin ya zauna na hoto biyu, wani na hoto uku. Idon da ke bin mutum mai tafiya a hankali yana ganin wannan rashin daidaito a matsayin ƙananan fizge-fizge, musamman idan kyamara tana motsi a `_process`, wanda yake gudana da kowane hoto, yayin da jikin yake motsi a `_physics_process`. Alamar da ake gane ta da ita ita ce wasan yana tafiya lafiya a wani allo, yana karkarwa a wani, ba tare da an taɓa umarni ko ɗaya ba.

Maganin da injin ya tanada shi ne saitin `Physics Interpolation`, wanda ya zo wa wasanni masu shimfiɗaɗɗen zane a zubi na 4.3 a 2024, ya kuma zo wa masu zurfi, wato 3D, a 4.4 a 2025. Idan aka kunna shi, injin yana zana jikin a wani wuri tsakanin matsayinsa na lissafin da ya gabata da na yanzu, gwargwadon lokacin da ya shuɗe. A fitowar dattijon bambancin ya fito fili da kunnawa ɗaya, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sa nake ba da shawarar injin. Yana da farashi, kuma bayanan injin ba su ɓoye shi ba. Hoton da ake gani yana bayan ainihin matsayin da kusan lissafi ɗaya, abin da ba a ji a wasa mai natsuwa. Duk abin da ake motsawa ya kamata ya koma lissafin jiki, har da `Tween` ɗin da ke sama, wanda ake gyarawa da `set_process_mode(Tween.TWEEN_PROCESS_PHYSICS)`. Idan kuma aka ɗauke mutum daga wani wuri aka ajiye shi a wani nan take, sai an kira `reset_physics_interpolation()`, in ba haka ba a ga ya shara ta tsakiyar allo na ɗan ƙiftawar ido. Hanyar bincike mafi amfani da na samu ita ce rage `Physics Ticks per Second` zuwa 10 na ɗan lokaci, domin duk abin da ba ya bin tsarin zai fara tsalle-tsalle a bayyane, a gyara shi, sannan a mayar da lambar 60.

Akwai tushen karkarwa na biyu da ake iya rikita shi da na farko, wato `Tween` biyu suna jan sifa ɗaya. Yakan faru idan ɗan wasa ya danna maɓalli sau biyu, aka ƙirƙiri sabo alhali tsohon bai gama ba. Bambancinsa shi ne yana bayyana a kowane allo, kuma a gaɓa ɗaya kawai. Gyaransa shi ne a adana tsohon a kira `kill()` a kansa kafin a ƙirƙiri sabon.

Wannan gyara ne yake nuna iyakar `Tween` ta gaskiya. Sabon yana farawa daga inda hannun yake, amma bai san da wane sauri hannun yake tafiya ba, saboda haka hannun da aka katse a tsakiyar miƙawa yana tsayawa cak kafin ya juya. Ga fitowar da aka tsara daga farko zuwa ƙarshe, kamar ta kofin, wannan ba damuwa ba ce, kuma ban ga abin da ya fi shi sauƙi ba. Ga kan da ke bin abin da yake yawo kuwa, inda wurin dubawa yake sauyawa kowane lokaci, na koma `lerp_angle` da nauyin `1.0 - exp(-4.0 * delta)`, wanda yake ba da sakamako ɗaya komai saurin allo, saɓanin nauyi tsayayye irin 0.1 da yake sa kan ya fi saurin juyawa a allon da ya fi yawan hoto. Da lamba 4, kan yana cin kusan kashi 63 cikin ɗari na juyawar a rubu'in daƙiƙa, ya ƙarasa sauran a hankali, wanda ya dace da mai kuzari. Ga dattijon sai da na sauke ta zuwa 2.