Corolla ko Sienna: man Kano zuwa Abuja

"Jama'a, tsakanin Corolla 2008 da Sienna wacce zan saya? Duk wata nake zuwa Abuja daga Kano da iyali, mu huɗu. Nawa zan riƙa warewa na mai?"

Malam, ɗauki Corolla ka huta. Irinta nake hawa, kuma na auna shanta da kaina: na cika tanki har famfo ya tsaya, na mayar da TRIP, wato mitar da ke ƙirga nisan tafiya, sifiri, na yi tafiyata, na sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita motar ta sha. Sai ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Tawa lita 8 take sha a kilomita 100, da esi a kunne, buhun shinkafa a but, yara suna barci a baya. Na sha wuce Kaduna allurar mai tana saman rabi.

Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna kusan kilomita 430 ne. Ka ninka 430 da 8, ka raba da 100, ka samu lita 34 da ɗoriya. Amma kada ka tsaya a nan. Cunkoson shiga Abuja, wuraren gyaran hanya da zirga-zirgar cikin gari duk mai suke ci, ko da motar ba ta gaba. Ni lita 40 nake lissafawa, zuwa da dawowa 80. Mu ƙaddara lita naira 900 ce, ka ga naira 72,000 ke nan. Ka sa farashin ranar da za ka tashi.

Sienna kuwa na taɓa riƙe ta. Akwai fili, ban hana ta ba, amma lita 12 take sha mini. Da wancan lissafin lita 120 ne, naira 108,000. Rarar 36,000 duk wata saboda kujerun da ba kowa a kai. Sai in ku bakwai ne take biyan kanta.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: yawancin motocin nan daga Amurka suka zo, mil suke ƙirgawa. In ka isa Abuja ka ga TRIP ya nuna wajen 270, mil ne, ka ninka da 1.6 kafin ka fara lissafi. In ba haka ba za ka zargi motar da shan man da ba ta sha ba.

Sannan ka kiyayi dillalin da zai rantse maka cewa "ba ta shan mai, sunsunawa take yi". Ka ce a cika tanki ku zagaya tare, ka ga yadda zai sauya magana. Haka wasu gidajen man kan hanya, sun taɓa famfonsu. Tankin Corolla lita 50 ne. In allura tana kwata aka ce maka lita 48 ta shiga, an cuce ka. Ka cika a gidan man da ka sani tun daga Kano, zai kai ka Abuja ba ka nemi 'yan bumburutu ba.